Yadda Ake Zaɓa Tsakanin DirectX da Vulkan Idan Gem Ya Ba Ka Duka Biyun

Wasu gem na kwamfuta, da zarar ka buɗe su ko ka shiga saitin hoto, za su tambaye ka: DirectX kake so ko Vulkan? Red Dead Redemption 2 yana ba ka zaɓi tsakanin Vulkan da DirectX 12. Baldur's Gate 3 kuwa tun daga ƙofar shiga yake ajiye maka Vulkan da DirectX 11. Yawancin mutane suna barin abin da suka tarar, wasu kuma su bi maganar wani da ya ce ɗaya ya fi ɗaya gudu. Gaskiyar magana ita ce babu wanda ya fi wani a kowane hali. Amsar tana rataye a kan abu uku: katin hoton da ke cikin injinka, direban da ka saka masa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da irin aikin da masu gem ɗin suka yi wa kowace hanya. Don haka gwaji ne ke raba gardama, kuma gwajin yana da ƙa'ida. Idan aka yi shi da gaggawa, sai ya ba da amsar ƙarya.

Zan bi da Red Dead Redemption 2, saboda yana da na'urar gwaji a cikinsa, kuma idan ya ƙi tashi akwai fayil ɗin da ake gyarawa da hannu. Abin da aka koya a nan yana aiki a sauran gem.

Abin da kake zaɓa a zahiri

DirectX da Vulkan hanyoyi ne da gem yake bi ya faɗa wa katin hoto abin da zai zana. DirectX na kamfanin Microsoft ne, yana aiki a Windows da Xbox. Vulkan na ƙungiyar Khronos ne, ya fito a watan Fabrairun 2016, tushensa kuma daga Mantle na AMD ne. Yana aiki a Windows da Linux da Android. Kada ka sa ran hoton zai canza kama idan ka sauya daga wannan zuwa wancan. Doki ɗaya ne, daji ɗaya ne, haske ɗaya ne. Abin da ke canzawa shi ne gudu, da santsin tafiya, da yawan fitar da gem yake yi da kansa.

Lambar da ke gaban DirectX tana da muhimmanci, kuma nan ne mutane da yawa suke rikicewa. DirectX 11, wanda ya zo tare da Windows 7 a 2009, tsohon salo ne: gem yana ba da umarni a dunƙule, direban katin ne yake ɗaukar nauyin tsara komai. DirectX 12, wanda ya zo da Windows 10 a 2015, da Vulkan, su biyun sabon salo ne: an sauke wannan nauyin daga kan direba an ɗora wa masu gem. Kamar bambancin kai wa tela yadi ka ce ya ɗinka maka riga, da kuma ka yanka yadin da kanka ka kai masa ya haɗa kawai. Idan ka iya yanka, aiki zai yi sauri. Idan ba ka iya ba, tela ba zai gyara maka ɓarnar ba.

Wannan ya sa tambayar ta rabu gida biyu. Idan zaɓin tsakanin DirectX 12 da Vulkan ne, kamar a Red Dead, 'yan gida ɗaya ne, bambancin gudunsu yawanci kaɗan ne, abin dubawa shi ne wanda ya fi zama lafiya a injinka. Idan kuwa tsakanin DirectX 11 da Vulkan ne, kamar a Baldur's Gate 3, bambancin na iya zama babba, saboda sabon salo yana iya rarraba aikin tura umarni ga ƙwayoyin firosesa da yawa, alhali tsohon yana jibga mafi yawansa a kan ƙwaya ɗaya.

Mataki na farko: tabbatar injinka na ɗaukar duka biyun

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan:

```
dxdiag
```

Shiga shafin `Display`. Duba sunan katin, ranar direba, da layin `Feature Levels`. Idan laftof ce mai kati biyu, za ka ga wani shafi na biyu, wani lokaci da sunan `Render`, a can ne babban katin yake. Don Vulkan kuma, buɗe `cmd` ka rubuta:

```
vulkaninfo --summary
```

Idan ya jero sunan katinka, Vulkan na aiki. Idan ya ce bai san umarnin ba, ko bai ga kati ba, to ko direban ne ba cikakke ba, ko katin ya tsufa. Manhajar GPU-Z ma tana nuna wannan da ɗan akwati mai alama a ƙasan shafinta na farko.

A nan masu laftof ta hannu su lura, domin su ne mafi yawa a cikinmu. Ƙananan katunan Intel da ke cikin firosesa kafin zubi na shida, irin su HD 4000 da HD 4400, ba su da Vulkan a Windows. Daga HD 520 da HD 530 zuwa sama ne ya fara. Wannan ba zai sa su iya Red Dead ba, wanda mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne GTX 770 ko R9 280 da ram gigabayit 8, amma ya shafi ƙananan gem masu wannan zaɓi. Sannan wanda ya sayar maka da injin galibi ya bar direban da Windows ta sauko da shi ne da kanta, wanda ka iya zama na shekarun baya. Je shafin Nvidia, AMD ko Intel ka sauko da na yanzu kafin komai. Zai ci data ta 'yan ɗaruruwan megabayit, amma gwada Vulkan da tsohon direba ɓata lokaci ne, domin shi Vulkan a cikin direban yake zuwa.

Idan kati biyu ne a laftof ɗin, shiga `Settings`, `System`, `Display`, `Graphics`, ka ƙara fayil ɗin gem, ka zaɓa masa `High performance`. A Baldur's Gate 3 fayil biyu ne a cikin foldar `bin`: `bg3.exe` na Vulkan, `bg3_dx11.exe` na DirectX 11. Dole ka saita duka biyun. Wanda ya saita ɗaya ya manta ɗayan zai iya ganin hanya ɗaya tana gudu ɗayar tana rarrafe, ya ɗauka laifin Vulkan ne, alhali ƙaramin katin Intel ne yake ta fama shi kaɗai.

Mataki na biyu: saka ma'auni

Ido yana yaudara. Wanda ya riga ya sa a ransa cewa Vulkan ya fi, zai gan shi ya fi. Sauko da MSI Afterburner, wanda yake zuwa tare da RivaTuner Statistics Server. Kyauta ne, kuma ba sai katinka na MSI ba ne. A saitinsa, shafin `Monitoring`, kunna waɗannan, kowanne ka sa masa alama a `Show in On-Screen Display`: `Framerate`, `Frametime`, `GPU usage`, `GPU temperature`, `Memory usage`. Shi `Frametime` ka mai da shi zane maimakon lamba kawai. A shafin `Benchmark` kuma ka zaɓi maɓallin fara ɗauka da na tsayarwa. Duk abin da ya auna zai rubuta shi a fayil mai suna `Benchmark.txt`.

Lamba biyu za ka riƙe. Ta farko matsakaicin hotunan da ake zanawa a daƙiƙa ɗaya, wadda kowa yake kira FPS. Ta biyu ita ce `1% low`, wato gudun da gem yake faɗawa a mafi munin lokutansa. Ta biyun ta fi muhimmanci, ga dalili. A gudun 60, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7. A gudun 30, yana ɗaukar 33.3. Idan gem yana tafiya a 60 sai hoto ɗaya ya ɗauki milisakan 100, matsakaicin kusan ba zai motsa ba, amma hannunka zai ji cijewar, musamman idan kana juya kyamara. A zanen `Frametime`, tafiya mai santsi layi ne a kwance. Cijewa kuma tsini ne da ke harbawa sama. Hanyar da ta fi ƙarancin tsini ita kake nema.

Wani amfanin wannan ma'aunin: yana rubuta sunan hanyar da gem yake kai a kusa da lambar gudu, ko `D3D12` ko `VULKAN`. Da haka za ka tabbatar sauyin da ka yi ya kama.

Mataki na uku: daidaita filin gwaji

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a ƙasashenmu masu zafi shi ne ya fi lalata sakamako. Laftof tana rage gudun kanta idan ta yi zafi. Idan ka gwada Vulkan da injin sanyi, sannan ka gwada DirectX 12 bayan minti ashirin lokacin da fanka ke ihu, to zafi ka auna ba hanyar zane ba. Wanda aka fara gwadawa shi zai ci, ko wanene. A watan Afrilu da rana tsaka, a ɗakin da babu iska, bambancin da zafi ke kawowa ya kan fi bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu.

Maganin shi ne ka bar gem ya yi tafiya kamar minti goma kafin ka fara ɗaukar lamba, har zafin katin ya tsaya a wuri ɗaya. Ɗaga bayan laftof ɗin daga tebur don iska ta shiga ta ƙasa, kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma. Idan ka ga zafin katin ya doshi digiri 90 kuma gudu na ta sauka a hankali, tsaya, matsalarka ƙura ce a fanka ko man sanyaya firosesa da ya bushe, ba DirectX ba.

Caja ta kasance a jone daga farko har ƙarshe. A kan batir laftof tana rage wa katin wuta sosai, don haka idan aka ɗauke wuta ana cikin gwaji, wannan zagayen ya tashi a banza, sai a sake. Rufe burauza da duk abin da ke saukowa a baya. Kashe `VSync` na lokacin gwaji, domin idan yana kunne zai ɗaure duka biyun a gudun allonka, ka ga kamar daidai suke. Sannan ka ɗauki hoton shafin saiti da wayarka, don ka tabbatar girman allo da ingancin hoto ba su canza ba bayan ka sauya hanya.

A shafin `Graphics` na Red Dead akwai ma'aunin `Video Memory`. Kada ka cika shi. Idan katinka mai gigabayit 4 ne, bar ɗan sarari. Kati idan ya cika yana kwashe kaya zuwa ram ɗin kwamfuta, wanda ya fi jinkiri, kuma sabon salon nan biyu ba sa yafe wannan kamar yadda DirectX 11 yake yi. Cijewa mai tsanani idan ka shiga gari, ko laushin hoto da ke ƙin fitowa sarai, alamar hakan ce.

Mataki na huɗu: gwajin kansa

A Red Dead, shiga `Settings`, `Graphics`, gangara zuwa `Advanced Settings` ka buɗe shi daga kulle, za ka ga `Graphics API`. Gem ɗin yana zuwa a kan Vulkan. Fara da shi. A ƙasan shafin akwai `Run Benchmark Tests`. Zai bi ta wurare daban-daban, ya ƙare da fashi da gudu a kan doki cikin garin Saint Denis, wanda shi ne ɓangare mafi nauyi. Danna maɓallin fara ɗauka na Afterburner a farkon wannan ɓangaren, ka tsayar a ƙarshensa.

Zagayen farko, jefar da sakamakonsa. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace. Akwai ƙananan shirye-shirye da ke gaya wa kati yadda zai zana ruwa, hayaƙi, inuwa, gashin doki da sauransu, a allo za ka ga ana rubuta sunansu `shader`. Kafin su yi aiki dole a juya su zuwa yaren katinka, kuma wannan juyin yana faruwa ne a karon farko da aka ci karo da kowannensu, sannan a ajiye don gaba. Kowace hanya da ma'ajiyarta daban. Saboda haka idan ka yi wata uku kana wasa a Vulkan, ma'ajiyarsa cike take, ta DirectX 12 kuwa fanko ce. Ka sauya, ka ga yana ta cijewa a minti biyar na farko, ka ce ba shi da kyau ka koma. Ba ka yi masa adalci ba, bai gama shiri ba ne. Cijewar irin wannan tana da alama: tana zuwa ne lokacin da wani sabon abu ya bayyana, kamar harbin farko ko fashewar farko, kuma idan ka sake bi ta wurin ba ta dawowa. Wadda take dawowa a wuri ɗaya kowane zagaye, ita ce ta gaske.

Don haka tsarin shi ne: zagaye ɗaya na ɗumi, zagaye biyu na ɗauka. Rubuta lambobin a takarda. Sauya zuwa DirectX 12, gem zai nemi a rufe shi a sake buɗewa, ka yi hakan. Duba saitin da hoton wayarka. Sake yin zagaye ɗaya na ɗumi, biyu na ɗauka. Lambar mafi ƙarancin gudu da gem ɗin yake nunawa da kansa a ƙarshe kada ka dogara da ita, hoto ɗaya tak da ya makara yana iya jan ta ƙasa. `1% low` na Afterburner ya fi ta gaskiya.

Gem ɗin da ba shi da na'urar gwaji, kai za ka ƙirƙira. Ajiye wasa a wuri mai cunkoso, ka zaɓi hanya ɗaya da za ka bi na minti biyu, daga wannan ƙofa zuwa waccan, ka riƙa maimaita ta daidai. A Baldur's Gate 3 wurin da ya dace shi ne cikin babban birnin da ke kashi na uku, inda mutane suka yi yawa. Gwaji a bakin teku na farkon wasan ba zai gaya maka komai game da abin da ke jiranka a can ba.

Misali: karanta sakamako

Mu ɗauka laftof ce mai GTX 1650 na gigabayit 4, firosesa i5 mai ƙwaya huɗu, allo 1080, saiti matsakaici. Lambobin nan na misali ne don a ga yadda ake yanke hukunci, naka za su bambanta. A ce Vulkan ya ba da matsakaici 44 da 45, da `1% low` na 33 da 34. DirectX 12 ya ba da 46 da 44, da `1% low` na 24 da 26.

Wanda ya kalli babbar lamba kawai zai ce DirectX 12 ya ci, tunda shi ya taɓa 46. Amma dubi yadda zagayensa biyu suka bambanta da juna da 2. Idan hanya ɗaya tana iya saɓa wa kanta da 2, to tazarar 1 ko 2 tsakaninta da ɗayar ba komai ba ce, kunnen doki ne. A ganina duk bambancin matsakaici da bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, a manta da shi. Sai a koma ƙasa. 33 na nufin hoto mafi jinkiri yana ɗaukar kusan milisakan 30, 24 kuwa kusan 42. Wannan hannu yana jin sa. A wannan injin Vulkan za a zauna a kai.

Sai ka leƙa `GPU usage` don ka fahimci dalili. Idan yana tsaye a 97 zuwa 99 a duk tsawon gwajin, katin ne yake iyakar ƙoƙarinsa, kuma sauya hanya ba zai ƙara masa ƙarfi ba. Shi ya sa matsakaitan suka zo kusan ɗaya. Wanda yake son ƙarin gudu a wannan halin sai ya rage inuwa, ruwa ko girman allo. Idan kuwa ka ga yana sauka zuwa 70 ko 80 a cikin gari alhali ba ka ɗaure gudu ba, katin yana zaman jiran firosesa ne. A nan ne zaɓin hanya yake da tasiri na gaske, kuma a nan ne Vulkan ko DirectX 12 suke iya tsere wa DirectX 11, musamman a inji mai tsohuwar firosesa da kati mai ɗan ƙarfi.

Idan ba ka da lokacin gwaji kuma kana son inda za ka fara: direban Nvidia na DirectX 11 an daɗe ana goge shi, don haka a katin Nvidia DirectX 11 wuri ne mai aminci na farawa. Katunan AMD sun saba samun riba a sabon salo. Katunan Intel Arc, da suka fito a 2022, an gina su ne da sabon salo a gaba, kuma sun fi jin daɗin Vulkan da DirectX 12. Wannan wurin farawa ne kawai, sabon direba ɗaya yana iya juya shi.

Gwajin da ya fi na lamba: awa biyu na wasa

Gwajin minti biyar ba ya nuna ko gem zai fita da kansa bayan awa ɗaya. Bayan ka zaɓi wanda ya ci, yi wasa da shi na awa biyu ko uku yadda ka saba. Shiga gari, fita daji, buɗe taswira, danna Alt da Tab ka fita ka dawo. Idan kana ɗaukar bidiyo da OBS ko kana amfani da Discord, kunna su, domin irin waɗannan manhajojin da ke leƙa cikin hoto suna saƙala kansu a Vulkan ta wata hanya daban da ta DirectX, kuma tsohuwar sigarsu tana iya hana gem tashi ko ta ba da baƙin allo. Haka masu saka ƙarin gyare-gyare irin ReShade: ana saka shi ne don takamaiman hanya, idan ka sauya sai ka sake saka shi.

Hanyar da ta fi gudu da hoto uku amma take fitar da kai sau ɗaya a kowane dare ta faɗi. Wannan ba ya buƙatar lissafi.

Saƙonnin da za ka iya gani idan abu ya lalace: `DXGI_ERROR_DEVICE_REMOVED` a ɓangaren DirectX, `VK_ERROR_DEVICE_LOST` a ɓangaren Vulkan, `ERR_GFX_STATE` a Red Dead. Na farko da na biyu magana ɗaya suke yi: katin ya daina amsawa. Idan matsalar a hanya ɗaya kawai take fitowa, sauya ka huta. Idan tana fitowa a duka biyun, daina zargin hanyar zane. Duba zafi, duba ko an ƙara wa katin gudu fiye da na kamfani, duba caja ko ta asali ce. Laftof mai babban kati da aka haɗa da ƙaramar caja ta kasuwa tana iya cin batir tana jone, ta rage gudu ana tsakiyar wasa.

Idan ka sauya gem ya ƙi tashi

Wannan yana faruwa, kuma abin haushin shi ne saitin da za ka mayar yana cikin gem ɗin da ya ƙi buɗewa. A Red Dead mafita tana cikin wannan folda:

```
Documents\Rockstar Games\Red Dead Redemption 2\Settings
```

Kwafi fayil ɗin `system.xml` ka ajiye a gefe tukuna. Sannan buɗe shi da Notepad, nemi wannan layin:

```
<API>kSettingAPI_DX12</API>
```

Mai da shi haka, ka adana:

```
<API>kSettingAPI_Vulkan</API>
```

Ko akasin haka, idan Vulkan ne ya ƙi. Kula da manya da ƙananan haruffa, a rubuta su yadda suke. A cikin foldar dai za ka ga fayiloli da sunansu ya fara da `sga_`. Su ne ma'ajiyar da muka yi magana a kanta. Idan gem yana ba da `ERR_GFX_STATE`, musamman bayan sabunta direba ko bayan wuta ta ɗauke yana cikin aiki, goge su. Ba su ɗauke da wasan da ka ajiye, gem zai sake gina su da kansa, sai dai tashin farko zai ɗan jima kuma za ka ji 'yar cijewa na ɗan lokaci.

A Baldur's Gate 3 abin ya fi sauƙi, tunda zaɓin yana waje: ka koma ƙofar shiga ka danna ɗayan, ko ka buɗe fayil ɗin da kake so kai tsaye daga `bin`. Wasan da ka ajiye ɗaya ne a duka biyun. Wasu gem na Steam kuma ta layin `Launch Options` ake sauyawa, kamar Dota 2 da ke karɓar `-vulkan` ko `-dx11`. Idan ya ƙi tashi, share abin da ka rubuta.

Lokacin da za a sake gwaji, da masu Linux

Sakamakon da ka samu na wannan direban ne da wannan sigar gem ɗin. Sabunta direba yana sa a sake gina ma'ajiyar daga farko, don haka cijewar ranar farko bayan sabuntawa ba abin tayar da hankali ba ce. Haka idan ka share `DirectX Shader Cache` a Disk Cleanup don neman sarari. Idan bayan kwana biyu cijewar ba ta tafi ba, ko gem ya sami babban sabuntawa, ko ka canza kati, to lokacin sake gwaji ya yi. In ba haka ba, bar shi yadda yake.

Wanda yake wasa a Linux ko Steam Deck lissafinsa daban ne. A can babu DirectX ko kaɗan. Proton ne yake juya umarninsa zuwa Vulkan, ta hanyar DXVK idan DirectX 9, 10 ko 11 ne, ta VKD3D-Proton idan 12 ne. Wato ko wanne ka danna, a Vulkan za ka ƙare, bambancin shi ne ko kai tsaye ko ta hannun mai juyi. Hankali zai ce kai tsaye ya fi, amma ba kullum ba: gem ɗin da masu shi suka fi kula da ɓangarensa na DirectX 11 yana iya fin santsi ta DXVK a kan nasa Vulkan ɗin. Ma'aunin da ake amfani da shi a can MangoHud ne maimakon Afterburner, a Steam Deck kuma yana cikin menu na aiki tun daga kamfani. Sauran tsarin bai canza ba: inji mai ɗumi, caja a jone, zagaye ɗaya a jefar, biyu a rubuta.